Yadda ake rubuta sitatus na sayar da laftof ta hannu idan ana sauri

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Ina so in sayar da laftof ɗina, HP EliteBook 840 G3, kuɗin rajistar makaranta nake nema kafin Juma'a, yau kuma Litinin. Tana aiki lafiya, sai dai batirin ya yi sanyi, ramin USB ɗaya ba ya aiki, kuma akwai ɗan tsagu a kusurwa. A sitatus ɗin WhatsApp zan sa. Abokina ya ce kada in ambaci batirin sai mai saye ya tambaya. Me zan rubuta ta fita da wuri ba tare da na cuci kowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya rufa asiri, ya kawo mai saye na alheri.

Shawarar abokinka ka ajiye ta gefe. Ba wa'azi zan yi maka ba, duk da ka san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki. Maganar kasuwa zan yi maka, a matsayina na wanda ya daɗe a bencin gyara. Sitatus ba bakin titi ba ne. Ba mai ganinsa sai wanda ka adana lambarsa shi ma ya adana taka, wato ɗan ajinku, ɗan gwaggonka, maƙwabcinku, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Baƙo idan ka sayar masa da batirin da ya mutu, zagi zai yi ya wuce. Wanda ya san ƙofar gidanku kuwa, ranar Asabar zai dawo maka da ita a leda, lokacin da kuɗin sun riga sun shiga asusun makaranta. An taɓa kawo mini wata laftof shago, wani saurayi ya saya a hannun ɗan wan babansa, an rubuta masa "komai nata lafiya". Muna zare caja ta ɗauke ɗif, ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Kuɗin sabon batir bai taka kara ya karya ba, amma sai da maganar ta kai gaban iyaye, aka yi wata biyu ana gaisuwa sama-sama.

Akwai kuma abin da abokin naka bai lissafa ba, shi ne lokaci. Kwana huɗu gare ka. Duk aibin da ka ɓoye, a wurin dubawa zai fito, a nan ne mai saye zai ce bari ya yi shawara, ka yi asarar yini guda da kuɗin mota. Aibin da ka rubuta tun a sitatus shi ke tace maka mutane: wanda ya yi maka magana bayan ya karanta, ya riga ya yarda da batirin a haka, saura kuɗi kawai.

To amma kafin ka rubuta komai, ka auna batirin nan. "Batirin ya yi sanyi" ba bayani ba ne, don kowa da abin da zai fahimta. Wani zai ɗauka awa uku yake yi maimakon biyar, wani zai ɗauka ba ya riƙe wuta sam. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai nuna maka inda ya ajiye wani fayil mai suna battery-report.html. Ka buɗe shi ka nemi layi biyu. DESIGN CAPACITY shi ne abin da batirin yake ɗauka yana sabo, FULL CHARGE CAPACITY kuma abin da yake iya ɗauka yanzu. A ce ka ga na farko 46,000 mWh, na biyu 21,000 mWh. Ka raba na biyu da na farko, ka ga bai kai rabi ba, wajen kashi 45 cikin ɗari ke nan. Wannan lissafin na ƴan boko ne, zai yi maka amfani idan ka haɗu da mai saye da ya san kan abin. Ga sauran mutane kuwa gwajin agogo ya fi. Ka cika ta fal, ka zare caja, ka bar hasken allo a tsakiya, ka kunna bidiyo, ka duba agogo har ta mutu. Idan awa ɗaya da minti ashirin ta yi, a sitatus ka rubuta "kamar awa ɗaya". Kullum ka rage, kada ka ƙara. Wanda aka ce masa awa ɗaya ya samu da ƴan mintuna a kai, godiya zai yi maka. Wanda aka ce masa awa biyu ya samu awa ɗaya da rabi, ka zama maƙaryaci a wurinsa.

Tunda kana kan gwajin, ka juya laftof ɗin ka duba cikinta. Idan murfin ƙasa ya ɗan tasa, ko wurin da ake jan yatsa ya ɗago, ko ka ajiye ta a tebur tana rawa, batirin ya kumbura ne. Wannan ya wuce sanyi, haɗari ne. Kada ka sayar wa kowa a haka, ka kai a cire shi, ka sayar da ita a matsayin wadda ba ta da batir.

Sauran bayanan ka ɗauko su daga kan na'urar kanta, ba daga abin da wanda ya sayar maka ya faɗa ba shekara biyu da suka wuce. Ka shiga Settings, System, About, za ka ga Processor da Installed RAM. Ka buɗe Task Manager ka shiga Performance, a wurin Disk zai nuna maka ko SSD ce ko HDD. Ita 840 G3 a 2016 aka fito da ita, allonta inci 14, kuma Core i5 ɗin da ke cikinta na zubi na shida ne, za ka ga lamba irin i5-6200U ko i5-6300U. Wannan lambar 6 ta farko ka rubuta ta. Masu sayarwa da yawa "Core i5" kawai suke sa wa su yi shiru, alhali i5 na 2012 da i5 na 2021 suna kawai suka haɗa. Akwai dalili na biyu: Windows 11 a ƙa'idar Microsoft tana buƙatar zubi na takwas zuwa sama, Windows 10 kuma an daina ba ta tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Ba lallai ka cusa wannan dogon bayanin a sitatus ba. Ka dai rubuta "Windows 10", kuma idan an tambaye ka ko tana ɗaukar 11, ka ce a hukumance ba ta cikin waɗanda aka amince wa. Idan wani mai gyara ya ɗora mata 11 ta bayan gida, ka faɗi hakan.

Shi kuma tsagun nan, ka duba a wace kusurwa yake. Idan a gaba ne wajen da hannu ke hutawa, muni ne kawai, ba ya hana komai. Idan a baya ne kusa da hinji, inda murfi ke buɗewa, ka buɗe ka rufe a hankali ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga tsagun yana buɗe baki duk lokacin da murfin ya motsa, to ba tsagu ne kawai ba, mazaunin kusoshin hinjin ne ya fara saki, kuma gaba zai ci. Sunansa na gaskiya za ka kira shi a sitatus.

Sai farashi, kuma a nan ne gaggawarka ya kamata ta zauna. Mutane suna ɗauka gaggawa ita ce a rubuta "DA GAGGAWA!!!" a jera alamomin wuta guda goma. Wannan ba ya sa kowa ciro kuɗi. Abin da ke sa mutum ya motsa shi ne ya ga kaya ƙasa da kuɗin kasuwa, ya kuma ga ranar da damar za ta wuce.

Yau ɗin nan, idan a Kano kake, ka leƙa Titin Beirut ko Farm Centre, in a wani gari ne ka je inda ake sayar da na hannu. Ka tambayi shago biyu ko uku tambaya biyu: nawa kuke sayar da irin wannan, kuma nawa za ku saya a hannuna yanzu? Lambobi biyun nan su ne rufinka da daɓenka. Bari in sa alƙaluma na misali don ka ga yadda lissafin ke tafiya, na gaskiyar sai ka jiyo da kunnenka, don farashi yana bin dala. A ce suna sayar da mai lafiya naira 170,000, sun taya taka 105,000, sabon batir kuma 20,000. Ka cire kuɗin batir daga 170,000, saura 150,000. Ka sake cire wani abu saboda ramin USB da tsagu, da kuma cewa mai shago yana ba da ƴan kwanakin gwaji kai ba ka bayarwa. Ka sauka wajen 135,000. Wannan za ka rubuta. A zuciyarka kuma ka yanke inda ba za ka sauka ƙasa da shi ba, a ce 125,000, ka bar shi a cikinka. Bahaushe ba ya jin ya yi ciniki sai an rage masa wani abu, saboda haka ka bar wa tayi ɗan wuri, amma kada ka zuba farashin da zai kori mai saye tun daga nesa.

Kuma don Allah ka rubuta kuɗin. "Mai so ya yi magana" ita ce jimlar da ta fi kashe ciniki a sitatus. Mutum goma sha biyar za su aiko "nawa?", ka amsa wa kowa, goma sha uku su ɓace. Wanda yake da kuɗin da gaske kuma, mai kunya ne, yana tsoron ya tambaya ya ji abin ya fi ƙarfinsa ya rasa yadda zai zame a gaban wanda ya sani, sai ya wuce abinsa.

Ga yadda zan rubuta in ni ne kai:

> Zan sayar da laftof ɗina, nan da Alhamis.
> HP EliteBook 840 G3, Core i5-6300U, RAM 8GB, SSD 256GB, Windows 10. Da cajarta.
> Aibinta: batir kamar awa 1 yake yi, ramin USB ɗaya na dama ba ya aiki, akwai ɗan tsagu a kusurwar gaba (yana hoto na 3). Sauran komai yana aiki.
> Naira 135,000, kuɗi hannu, ba bashi.
> A zo a gwada kafin a biya. Ina unguwa kaza.

Ka gyara lambobin su dace da abin da ka gani a taka. Gajere ne da gangan. Sitatus na rubutu zalla yana ɗaukar har haruffa 700, amma mai kallo da babban yatsa yake wucewa, layin farko ne kawai kake da tabbacin zai karanta. Shi ya sa layin farko ya ɗauki abu uku: sayarwa ce, laftof ce, akwai wa'adi.

Ka lura Alhamis na rubuta, ba Juma'a ba. Idan ka ce Juma'a, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zo maka, sannan ka fara kokawa da netiwok da shafin biyan kuɗin makaranta. Ka bar wa kanka kwana ɗaya na numfashi. Kuma wa'adin gaskiya ne, ba dabara ba: ranar Alhamis da yamma in ba ta fita ba, shago za ka kai ta.

Ka lura kuma ban sa dalilin sayarwa ba. Wannan wurin mutane suna saɓani da ni, amma ga hujjata. Kana rubuta "wallahi matsala ce ta taso, a taimaka", ka mayar da ciniki roƙo. Masu neman banza sun ji ƙanshin matsuwa, sai tayin wulaƙanci ya fara shigowa, wani ya ce maka dubu saba'in yanzu-yanzu. Ƴan uwa kuma hankalinsu ya tashi, a fara kiran mahaifiyarka ana tambaya ko lafiya. Idan kana ganin rashin faɗin dalili zai sa a yi zargin wani abu ne ya lalace, to kalma huɗu sun isa: "kuɗin rajista nake haɗawa". Gaskiya ce, ba ta zubar da mutunci, kuma tana iya sa wani babba a dangi ya saya ba tare da ya matse ka ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙirƙiro dalili, irin su tafiya ce ta kama ni, ko an aiko mini sabuwa daga waje. Masu kallon nan sun san ka, za su gan ka a unguwa mako mai zuwa.

Kalmomi irin "kamar sabuwa", "tsaf", "ba ta da matsala ko ɗaya" ka bar wa ƴan talla. Haka kuma kada ka ce tokumbo ce. A bakin ƴan kasuwa tokumbo na nufin wadda aka shigo da ita ba a yi amfani da ita a nan ba. Taka ta sha ƙurar hunturu biyu a hannunka, ta hannu ce, ba abin kunya a ciki. Jimlar "sauran komai yana aiki" kuwa alkawari ce, kada ka rubuta ta sai ka bi kibod harafi-harafi a Notepad, ka gwada kyamara da sifika da Wi-Fi da sauran ramukan.

"Ba bashi" ɗin nan kada ka ji kunyar sa shi. A cikin waɗanda suka san ka, tayin da zai fi yawa ba na ragi ba ne, na "ba ni ita in ba ka rabi, ƙarshen wata in cika" ne. Ƙi a rubuce tun farko ya fi sauƙi a kan ƙi ido da ido ga ɗan uwa.

Hoto uku sun wadatar, da rana, a kan tebur mai tsabta, bayan ka goge allon da ƙyalle mai laushi. Na farko a buɗe tana kunne, shi za ka ɗora wa rubutun. Na biyu shafin About, don a ga bayanan daga bakin na'urar. Na uku tsagun, kusa-kusa, ka sa yatsanka a gefe don a gane girmansa. Hoton aibi yana rage masa girma, domin abin da mutum zai zana a ransa in ya karanta "tsagu" kullum ya fi na gaskiya muni. Kada ka ɗauko hoton kamfani daga intanet. Kada kuma lambar siriyal da ke ƙasan laftof ɗin ta fito a hoto, ko adireshin imel ɗinka a allo.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka sau uku za ka sa: Litinin, Talata, Laraba. Ni na fi ganin amsa in na sa bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka kishingiɗa da waya. Kada ka jera shi sau goma a yini, mutane za su toshe sitatus ɗinka ne. Idan ta kai Laraba shiru, ka sauke farashin a fili: "Na rage, 128,000, gobe ce ranar ƙarshe." Idan akwai wanda ba ka so ya gani, a Status privacy akwai My contacts except... sai ka cire shi. Za ka iya roƙon abokai biyu ko uku su ɗora a nasu, amma ka ce musu kada su taɓa rubutun, musamman layin aibi da na kuɗi. Na sha ganin aboki ya goge layin batir ya ƙara dubu goma tasa a kai, rigima ta tashi, sunan mai kaya ne a ciki. In la'ada yake so, ku yanke ta tun farko, daga cikin kuɗinka.

Da zarar an ɗora a sitatus ɗin wasu, baƙi sun shigo, sai ka ƙara kula. Ku haɗu da rana a wurin jama'a, shagon mai gyara ya fi, ga wuta ga shaida. Kada ka saki laftof saboda an nuna maka hoton rasit, ko saboda saƙon alat ya shigo wayarka, ana ƙirƙirar duka biyun. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun hau kan balas ɗinka da idonka. Wanda ya ce ya tura, netiwok ne ya riƙe, ka ce masa ba komai, ku zauna ku jira tare. Wanda ya ce zai aiko ɗan acaɓa ya karɓa ya biya daga baya, ka ba shi haƙuri. "Ajiye mini zuwa gobe" kuma ba ciniki ba ne sai da kafin alƙalami. In bai ba da komai ba, ka gaya masa a fili cewa wanda ya riga kawo kuɗi shi ne mai ita.

Abu ɗaya da masu sauri ke mantawa: kayanka da ke ciki. Daren yau ka kwashe hotuna da takardun makaranta zuwa filashi. Goge fayil da hannu ba ya isa, ana iya dawo da shi, kuma burauzarka tana riƙe da kalmomin sirrinka. Bayan ka gama gwaje-gwajen da ɗaukar hoto, ka shiga Settings, Update & Security, Recovery, Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, a Change settings kuma ka kunna Clean data. Yana iya cin awanni, ga batirinka ba ya riƙewa, don haka sai inda wuta take tsaye ko akwai janareta. Kada ka bar shi sai mai saye yana tsaye a kanka. Irin waɗannan EliteBook ɗin daga ofisoshin ƙasashen waje ake kwaso yawancinsu, wasu da makulli a BIOS. Ka kunna ta kana danna F10. In ta buɗe ba ta nemi kalmar sirri ba, shi ke nan. In ta nema kuma ba ka san ta ba, wannan ma aibi ne, ya shiga layi na uku.

Idan mai saye ya zo, kai da kanka ka zare cajar a gabansa, ka miƙa masa filashi ya soka a ramin da ya mutu, ka nuna masa rahoton batirin. In kana da rasit ɗin da ka saye ta da shi, ka haɗa masa. In babu, ku rubuta ƴar takarda: sunan laftof, lambar siriyal, kuɗi, kwanan wata, da aibobi ukun nan, ku sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta. Tana kare shi in an tare shi ana tambayar inda ya samo ta, kai ma tana kare ka in bayan wata biyu allo ya mutu aka ce dama haka ka sayar.

Kuɗi na shiga, ka goge sitatus ɗin, ka sa "An sayar, na gode", ka kuma gaya wa abokan da suka ɗora maka su sauke nasu, in ba haka ba har Lahadi ana kiranka. In kuma Alhamis ta yi la'asar ba mai saye, ka koma wa shagon da ya fi taya ta da tsoka, ka tafi da caja da katin shaidarka, don masu shago da yawa ba sa karɓar ta hannu sai sun ga shaida.